Ɗakin Anghel Ba Ya Buɗuwa Sai Arba'in

Anghel Tănase ya mutu ranar wata Talata da hantsi, a tsaye, yana zagin direban da ya kawo masa jiƙaƙƙun gumaguman itace. Waɗanda ke wurin sun ce bai ƙarasa zagin ba. Shi ne mai injin yanka katako ɗaya tilo a ƙauyenmu, kuma wanda ya haɗa masa akwatin gawa shi ne ma'aikacinsa ɗaya tilo da ya rage, Khem Gharti, mutumin Nepal.

Su uku Anghel ya ɗauko ta hannun dillalai, da yake samarinmu duk sun tafi Italiya da Jamus suna yi wa wasu abin da suka ƙi yi a gida. Ranar da suka sauka ya karɓe fasfonsu, wai kada ya ɓace. Biyu suka gudu cikin hunturu ba tare da fasfonsu ba, har yau ba wanda ya san inda suke. Tun daga nan Anghel ya ɗauke na Khem daga aljihun teburin ofis ya kai shi gida, ya saka a akwatin ƙarfe cikin ɗan ɗakinsa na baya, inda yake ajiye bindigar farauta da takardun gona. Ba mugu ba ne. Yana biyan albashi a kan lokaci, kuma ran Lahadi yakan zaunar da Khem a teburinsa su ci tuwon masara da cuku. Kawai dai bai taɓa yarda da abin da ba shi ne ke riƙe da makullinsa ba.

Ni ina maƙwabtaka da su. Na koyar da tarihi shekara talatin da wani abu, ga ɗaliban da yanzu ba sa iya tuna ranar haihuwar uwarsu. Tun da matata Sanda ta rasu ba ni da abin yi sai littattafai da leƙen katanga, kuma da yake ina jin Turanci, ni na zama bakin Khem a duk inda ɗan Romaniyancinsa ya ƙare. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya mata biyu a wani ƙauye kan dutse. Babbar tana koyon aikin jinya a birni, kuma da gumin injin Anghel take karatun.

Mun binne Anghel yadda ake yi. Matarsa Profira ta rufe madubai da baƙin ƙyalle, ta ajiye kofin ruwa a taga, ta kulle ɗakin baya ta rataye makullin a wuyanta tare da gicciyenta. A wurinmu kurwar mamaci takan yi kwana arba'in tana zagaya inda ta saba, kuma ba a taɓa kayansa kafin ta gama, kada ta zo ta tarar an yi mata gwanjo ta kasa tafiya. Ba duk gida ke tsananta wannan ba. Profira tana cikin masu tsanantawa. Akwai kuma ɗiban ruwa: kullum a kai bokiti gidajen tsofaffi da sunan mamacin, don kada ya yi ƙishi a hanya. Da can yarinya ake sawa. Yanzu babu yarinya a layinmu, sai Khem ya ɗauki bokitin ba wanda ya roƙe shi.

Bayan mako guda ya kawo mini nawa ruwan, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa.

"Malam, duba mini wannan."

Katin zamansa ne, ɗan ƙaramin kati mai hoto, da ranar ƙarewa a jiki. Na duba ranar, na duba kalandar bango. Katin zai mutu kusan mako guda kafin arba'in ɗin Anghel.

"Yaushe ya kamata a sabunta shi?"

"Maigida ya ce ranar Alhamis za mu je birni. Wadda ta wuce."

"To, ya yi alkawari da Alhamis, Talata ta riga ta."

Washegari muka hau motar safe zuwa birnin gunduma. Matar da ke riƙe wa kamfanin Anghel lissafi ta ce duk abin da ke hannunta za ta bayar: kwafin kwangilar aiki, shaidar albashi, shaidar cewa sunansa na cikin rajistar ma'aikata. Kamfani bai mutu da mai shi ba, in ji ta, kwangilar tana nan. Daga nan muka wuce ofishin shige da fice. Jami'ar da ke bayan gilashi yarinya ce mai haƙuri, ta yi mana bayani dalla-dalla. Ana shigar da neman sabuntawa wata guda kafin kati ya ƙare. Khem ya riga ya makara, amma wannan tara ce kawai, muddin ya shigar kafin ranar ƙarshe. Idan ranar ta wuce, ya zama mai zama ba bisa ƙa'ida ba. Kuma dole ya zo da fasfo, shi kansa, ba hotonsa a waya ba.

"Yana ina?" ta tambaya.

"An ajiye masa," na ce.

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Baba, doka ta hana mai aiki riƙe fasfon ma'aikacinsa, ko da sunan ajiya ne. Akwai tara mai nauyi a kai. Ku je wurin 'yan sanda, yau ɗin nan za a karɓo masa."

Na tambaye ta ɗaya hanyar. Akwai mai injin katako a ƙauyen gaba da ya daɗe yana zawarcin Khem. Ta girgiza kai. Izinin aikin Khem na wannan kamfani ne kaɗai. Tun da bai cika shekara da fara aiki ba, ba zai koma wani wuri ba sai da rubutaccen amincewar mai aikinsa, in ba shi mai aikin ne ya sallame shi ba. Kuma ko da an samu, sabon mai aikin sai ya nemi nasa izinin, da fasfo a cikin takardun.

"Mai sa hannun yana maƙabarta," na ce.

"Allah ya jiƙansa. To sai wanda aka naɗa a madadinsa."

Wanda za a naɗa shi ne ɗansa Sorin, mai shimfiɗa tayil a Torino ta Italiya, wanda ya zo jana'iza ya koma washegari. Na kira shi da yamma. Ya ce ba shi da ikon sa hannu a komai sai an gama rabon gado, kuma ba za a fara ba sai ya dawo arba'in. Batun ɗaki kuwa, ya ce, "Malam, kai ka san Mama. Ni ban isa ba. Ka lallaɓa ta mana."

Na je na lallaɓa ta. Na same ta a kicin tana tsince alkama, baƙin ɗankwali har gira.

"Profira, abu ɗaya za a ɗauko. Ɗan littafi ne, bai kai tafin hannunki ba. Ba na Anghel ba ne ma."

"A ɗakinsa yake."

"Ki buɗe da kanki. Ni zan tsaya a waje in juya baya."

"Jiya da dare na ji shi a ciki, Octav. Yana jan kujera."

"Ɓera ne."

"Kai komai ɓera ne a wurinka. Da Sanda ta rasu, wa ya hana a taɓa kofinta har Ista? Ni na zo zan wanke shi, ka kusa cinye ni."

Na ce mata za a kori Khem daga ƙasar.

"Wa zai kore shi? Me ya sata? Yaron da ya haɗa wa mijina akwati da hannunsa? Ka je ka gaya musu gidan makoki ne. Su ma ai suna da iyaye."

"Ofis ba shi da iyaye, Profira."

"Takarda ce fa. Takarda tana jira. Mun yi shekara tara muna jiran ta filinmu, ga mu nan ba mu mutu ba." Sai ta ji abin da ta faɗa, ta rufe baki da gefen ɗankwali, ta ci gaba da tsintar alkama tana hawaye a ciki.

Na ɗauka Khem zai fi ta sauƙi. Na same shi a injin, yana shafa wa zarto mai, ko da yake ba a kunna shi ba tun ranar.

"Gobe za mu je wurin Costel ɗan sanda. Ka ce an riƙe maka fasfo. Magana ɗaya."

"Sai ya zo gidan?"

"Ya zo, ta buɗe, shi ke nan."

"Da kaki? Gidan da ake makoki?"

"To da rigar barci kake so ya zo?"

Bai yi dariya ba. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Malam, a wurinmu idan mutum ya mutu, iyalinsa sukan zauna gefe kwana goma sha uku. Ba sa cin gishiri. Ba a taɓa su, ba a tambayarsu komai. Ko akuyarka ce ta shiga gidansu, sai ka jira. Da babana ya rasu ina Malesiya, ban samu zuwa ba. Ƙanena ya zauna shi kaɗai, maƙwabta suka yi masa komai. Wani ya yi wa uwata ɗiban ruwa. Ban san ma ko wane ne ba."

"Naku sha uku ne. Sha uku ta kusa cika. Ka yi mata naku, ka karɓi abinka."

"Ba nawa mamacin ba ne. Nata ne. Lissafinta za a bi."

"'Yarka fa? Da wane lissafin za ta gama makaranta?"

Ya daɗe yana kallon zarton. "Jami'ar nan tana da kirki. Idan na je na gaya mata dalili, za ta gane."

"Za ta gane sarai. Sannan ta buga maka hatimi."

Kwanaki suka yi ta tafiya, shi yana ɗiban ruwa, ni ina ɗiban haushi. Na karanta dokar baƙi daga farko har ƙarshe, irin karatun da ban yi wa wani littafi ba tun ina saurayi, ko zan sami wata kafa da aka bar wa mamata. Waɗanda suka rubuta ta sun yi tunanin mugun mai aiki, sun yi tunanin ma'aikaci mai gudu. Ba su yi tunanin mutum biyu masu kunya ba.

Da ya rage 'yan kwanaki, na je wurin Costel ni kaɗai. Tsohon ɗalibina ne, daga layin baya na aji, inda ake zaunar da waɗanda aka fid da rai da su.

"Malam, a gidan nan fa na ci abincin jana'iza."

"Ka ci, na gani. Har ka ƙara. Yanzu tashi ka yi aikinka."

"In mai abu bai yi ƙara ba..."

"Ni na kawo rahoto. Rubuta. Ko har yanzu sai an riƙe maka hannu?"

Ya sa hularsa yana gunaguni, muka tafi. Muka tarar da Profira a tsakar gida, Khem kuma ya shigo ke nan da bokiti biyu. Maƙwabta suka fito bakin katanga kamar an yi shela. Costel ya cire hular da ya sa, ya gaishe ta, ya yi ta kame-kame, sannan ya ce an kawo rahoton cewa ana riƙe da fasfon wani a gidan.

Profira ba ta dube shi ba. Khem ta duba. Hannunta ya tafi wuyanta, inda makullin yake, ya tsaya a nan.

"Khem, ɗana," ta ce. "Kai ka kira mini hukuma?"

"A'a, Inna."

Costel ya buɗe littafinsa. "Bari in tambaye ka a gaban shaidu. Akwai wanda ya riƙe maka fasfo ba da son ranka ba? Ka nema an hana ka?"

Na fara fassarawa, Khem ya ɗaga mini hannu. Ya ajiye bokitan a hankali don kada ruwan ya zube, ya amsa da Romaniyancinsa mai ɗingishi.

"Ba wanda ya riƙe. Ni na ba Maigida ajiya. Ban nema ba."

"Khem!" na ce.

"Ban nema ba, Malam."

Wannan kam gaskiya ce, bai taɓa nema ba. Costel ya rufe littafin da saurin wanda aka yafe wa jarrabawa. Ya ce da Profira ko da ajiya ce gara a mayar wa mai abu abinsa, ta ce za a mayar ranar arba'in da yardar Allah. Ya sa hula ya fita. Ni kuma ta dube ni ta ce, "Ka ji kunya, Octav, da furfurarka." Daga ranar aka daina amsa gaisuwata a layin. Khem dai bai fasa kawo mini ruwa ba. Yakan ajiye a bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa sau ɗaya ya wuce.

Ranar da katin ya ƙare ba abin da ya faru. An yi yayyafi, motar burodi ta makara.

Arba'in ta faɗo ranar Asabar. Aka yi addu'a a coci, aka je kabari aka zuba ruwan inabi, aka dawo gida aka jera tebura a tsakar gida. An dafa alkama da zuma, an yi kabeji naɗaɗɗe da nama tukunya uku. Sorin ya iso da mota mai lambar Italiya. Bayan an ci, Profira ta cire makullin daga wuyanta ta buɗe ɗakin baya, ta tsaya a ƙofa ta yi wa mijinta magana ƙasa-ƙasa, sannan aka fara fito da kayansa don sadaka. Haka ake yi: kowane kaya a miƙa wa wani da kyandir a kunne, a ce don ran wane, mai karɓa ya ce Allah ya karɓa.

Khem ta fara kira. Ta ba shi babbar rigar sanyin Anghel ta fatar tunkiya, da takalmansa, da agogonsa. A saman rigar ta ɗora fasfon, ta haɗa da kyandir ta miƙa masa da hannu biyu.

"Don ran Anghel."

"Allah ya karɓa," in ji Khem.

Na karanta labarin sarakuna da yawa da suka yi kyauta da abin da ba nasu ba, amma ban taɓa ganin an ba mutum sunansa da hotonsa sadaka ba, har ya yi godiya.

Da yamma Sorin ya ja ni gefe, yana warin barasa. Ya ce zai rufe injin. Ya sami mai sayen filin, shi kuma ba zai baro Torino ya zo ya shaƙi garin katako ba. Khem zai sallame shi da takarda mai kyau da zarar an ba shi ikon sa hannu, ya je duk inda yake so. "Ka ga ai na kyauta masa, ko Malam?"

Ran Litinin muka koma birni. Jami'ar nan ce dai. Ta karɓi fasfon, ta duba katin. Khem ya yi mata bayanin ɗakin da makullin da ruwan, ni ina fassarawa, ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce kakarta ma haka ta yi da kakanta ya rasu.

Sannan ta gaya masa yadda abin yake. Da ya shigar da takardunsa kafin katin ya ƙare, da yanzu zamansa na kan ƙa'ida. In Sorin ya sallame shi bayan haka, yana da har kwana casa'in ya nemi wani aikin, ba ya bukatar amincewar kowa, kuma mai injin ƙauyen gaba zai iya nema masa izini yana nan cikin ƙasa. Amma wannan rangwamen a jikin kati mai rai yake rataye. Nasa ya mutu, aikin da aka ba shi katin dominsa shi ma ana shirin binne shi. Za a ci shi tara, a ba shi takardar umarnin barin ƙasa da ƙafarsa cikin 'yan makonni. Yana da ikon ƙalubalantar umarnin a kotu, ta rubuta mana adireshin wata ƙungiya mai ba baƙi lauya kyauta. Tun da kwanakin da ya wuce kaɗan ne, ba za a hana shi dawowa ba. Sai dai a fara daga tushe: sabon mai aiki, sabon izini, sabuwar biza daga can.

Lauyan ƙungiyar ya ce da akwai rahoton 'yan sanda cewa an riƙe fasfon, da yana da abin riƙewa. Ya nemi abin da Costel ya rubuta. Abin da Costel ya rubuta shi ne: ma'aikacin ya ce shi ya bayar ajiya, bai nema ba.

A motar dawowa Khem ya tambaye ni ko mai injin ƙauyen gaba zai jira shi.

"Wata nawa ka yi kana jiran bizar farko?"

"Goma sha ɗaya."

"To ka amsa wa kanka."

Ya kalli taga. Can ya ce, "Ba zan gaya wa babbar ba sai ta gama jarrabawar wannan zangon."

Ana gobe zai tafi ya ce in raka shi ya yi wa Profira sallama. Ita duk zatonta komai ya daidaita tun da ta buɗe ɗaki. Sorin bai gaya mata komai ba kafin ya koma. Muka same ta ta cire ƙyallen madubai, tana goge su.

"Inna, gobe zan tafi gida."

"Hutu? Ka kyauta. Yaushe za ka dawo? Itacen hunturu bai isa ba, ka sani."

"Ba na jin zan dawo da wuri."

Ta ajiye tsumman. Ta dube shi, ta dube ni. "Takardar nan ce? Octav, takardar ce?"

Na buɗe baki. Na yi makonni ina tanadin amsar wannan tambaya, na goge ta ta yi kaifi. Khem ya riga ni.

"A'a, Inna. Takarda lafiya lau. Matata ce ta ce in dawo haka nan, ta gaji da zama ita kaɗai."

"Ai tana da gaskiya," in ji Profira, ta sauke numfashi. "Zama kai kaɗai ba daɗi. Tambayi wannan tsohon." Ta shiga ciki ta fito da cuku da kwalbar zuma, ta ce ya kai wa yaran. Ta kama kansa da hannu biyu ta sumbaci goshinsa. "Ka gaishe ta. Ka ce mata ta yi dacen miji."

A waje na ce masa, "Ka san za ta ji daga bakin wani."

"Ba daga naka ba, Malam."

"Ni ba na alkawari."

"Yi wannan."

Na yi. Da safe na raka shi bakin titi. Motar ta zo a kan lokaci, abin da ba ta saba ba. Ya ɗora jakarsa, ya haɗa tafukansa a ƙirji ya ɗan sunkuya mini, ya shiga ya zauna ta ɓangaren da ba ya kallon ƙauyen.

Profira tana nan. Ta dawo amsa gaisuwata, har takan aiko mini da miya. Duk bayan kwana biyu sai ta tambaye ni ta kan katanga ko Khem ya kira, ko matar tasa ta huce. Nakan ce mata ya kira, suna lafiya.